Zare: in za ka mayar da rasit zuwa Larabci, ka ƙyale lambobin yadda ka same su

1/ Jama'a, akwai wani aiki da ke yawan faɗowa masu jin Larabci a garin nan. Ofis ne a Kano ko Kaduna, amma uwar kamfanin tana Jidda ko Alƙahira ko Kuwait. An yi sayayya, an ɗauki hoton rasit da waya, akantan can ya ce sai an kawo masa da Larabci. Sai a turo wa wanda ya yi karatu a Sudan ko Madina, a ce "Malam, ɗan juya mana wannan, ai layi goma ne kawai."

2/ Ra'ayina a kan layi goman nan: kalmomin rasit ake fassarawa, ba lambobinsa ba. In asalin takardar ta zo da 1, 2, 3 irin na boko, fassarar ma ta fita da su. Kuɗin kuma a bar shi a naira. Na san akwai masu ganin fassarar ba ta cika Larabci ba sai an ga ١ ٢ ٣. Zan zo kansu, domin suna da hujja guda ɗaya mai ƙarfi. Amma bari mu fara ajiye takarda a gabanmu.

3/ A ce ga inbois daga wani shagon kayan ofis. Kujeru 40, kowace ₦18,500, ya kama ₦740,000. Tebura 10, kowane ₦42,000, ya kama ₦420,000. Kuɗin mota ₦35,000. Jimla ₦1,195,000. An yi ragin ₦45,000, saura ₦1,150,000. An ɗora VAT kashi 7.5 cikin ɗari, wato ₦86,250. Abin biya ₦1,236,250.

A can ƙasa wani ya ƙara da biro: WHT 2%, ₦23,000. An buga hatimin PAID a kai, ya ɗan danne wani layi. Wannan takardar za mu bi har ƙarshen zaren.

4/ Tambaya ta farko da mai fassara zai yi wa kansa: wa zai karanta, kuma me zai yi da ita? Akantan nan ba adabi yake nema ba. Zai ajiye hoton asali a hagu, fassara a dama, ya ɗora yatsa yana bi layi-layi. Kalmomin Turanci ne suka tare shi, lambobin kuwa yana ganinsu sarai. In ya ga 86,250 a hoto ya ga 86,250 a fassara, cikin daƙiƙa ɗaya ya wuce.

In ka mayar masa ٨٦٬٢٥٠, ka ƙara masa aikin da bai roƙa ba: dole ya riƙa juya kowace lamba a kansa kafin ya tabbatar ba ka canza komai ba. Kai ma kuma ka kwafi lambar da hannu zuwa wani tsari, a nan kuskure yake shigowa.

5/ Mu da muka yi Islamiyya mun saba da lambobin Gabas a shafukan Alƙur'ani, don haka muna ganin ba su da wata matsala. A littafi mai kyan bugu, gaskiya ne. Amma takardar kuɗi ba a littafi take ƙarewa ba. Za a buga ta, a sa hannu, a sake ɗaukar hotonta, a tura ta waya, wani ya sake bugawa da injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa.

Sifirin Gabas ɗigo ne kawai: ٠. A bugu na uku ɗigon nan ba shi da bambanci da ƙurar da ke kan gilashin injin. ٨٦٢٥٠ in ɗigon ƙarshe ya dushe ya koma ٨٦٢٥. Dubu tamanin da shida ta zama dubu takwas.

6/ Sannan biyar ɗinsu, ٥, ita ce ke kama da sifirinmu. Shidansu, ٦, kamar bakwai ɗinmu. Bakwai da takwas, ٧ da ٨, abu ɗaya ne aka kifa. Biyu da uku, ٢ da ٣, haƙori ɗaya ne tsakaninsu, kuma a rubutun hannu na Masar da Sham ukun kan fito kamar biyun bugu.

Ka tuna takardar nan ba Balarabe kaɗai zai taɓa ta ba. Manajan Kano zai sa hannu a kai, mai binciken kuɗi na gida zai duba. Wanda bai iya ba zai ga ٥٠ ya karanta "sifiri da ɗigo".

7/ Alamar da ke raba dubbai da wadda ke raba kwabo su ma kusan tagwaye ne a tsarin Gabas: ٬ da ٫. Rubuta VAT ɗinmu da kwabonsa ka gani: ٨٦٬٢٥٠٫٠٠. Ɗigo uku, ƙugiya biyu masu kama da juna. Yanzu ka ɗauki hotonsa da wayar da gilashinta ya tsage. Kun gane abin da nake nufi.

8/ Masu cewa 1, 2, 3 "lambobin Turawa" ne, a yi haƙuri, tarihi bai goyi bayanku ba. Duka tsarin biyu daga Indiya suka samo tushe. Na Gabas ɗin ma Larabawa da kansu الأرقام الهندية suke ce musu. Waɗanda muke kira na boko kuwa ta Magrib da Andalus suka shiga Turai. Fibonacci a garin Bijaya na Aljeriya ya koye su, ya rubuta littafinsa a 1202.

Har gobe Maroko da Aljeriya da Tunisiya da su suke rubuta Larabcinsu. In takardarka Rabat za ta, ka cika ta da ٤ da ٦, kai ne baƙo. A ƙasashen Tekun Fasha ma, duba rasit ɗin da alhazai ke dawowa da shi daga manyan shagunan Makka ko Dubai: akasari rubutu Larabci, lambobi na boko.

9/ To, mu koma kan hoton kansa, domin rabin matsalar a nan take tun kafin a rubuta harafin Larabci ko ɗaya.

Ba takarda aka ba ka ba, hoto aka ba ka. An naɗe ta a aljihu, inuwar hannun mai ɗauka ta faɗa a kai, manhajar tura saƙo ta matse hoton. In irin rasit ɗin injin POS ne, zafi kaɗai ya isa ya cinye rubutun, kwana kaɗan a gaban mota sai ka ga fari fat.

Kafin komai ka nemi a sake ɗauka: a shimfiɗa a kan tebur, a hasken rana, kusurwa huɗu duk su fito, a juya baya ma a ɗauka in akwai rubutu. A turo a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, don kada a matse shi.

10/ A takardarmu, a ce naɗin ya bi ta kan farashin kujera. Ba ka iya bambance 18,500 ne ko 13,500. Ɗauko kalkuleta. 40 sau 13,500 zai ba ka 540,000. 40 sau 18,500 zai ba ka 740,000. Abin da ke ƙarshen layin 740,000 ne, kuma in ka haɗa da 420,000 da 35,000 ya ba ka 1,195,000 daidai. To 18,500 ne.

Rasit yana da wannan kyan: lambobinsa suna ba wa juna shaida. Wanda bai sake buga lissafin rasit daga sama har ƙasa ba, bai karanta shi ba tukuna.

11/ Amma lissafi yana da iyaka. Lambar inbois, lambar haraji, lambar asusun banki, ba su da ɗan'uwan da zai ba su shaida. In ɗaya ta dushe, babu kalkuletar da za ta dawo da ita. A nan ba a cinta. Ka rubuta abin da ka gani, inda ya ɓace ka sa [غير مقروء], wato ba ya karantuwa, ka gaya wa mai aikin ya nemo wani hoton.

Mutane ba sa son ganin wannan a fassara, suna ganin kamar gazawa ce. Ni kuwa na fi yarda da fassarar da ke da shi a wuri ɗaya ko biyu a kan wadda ta fito tas daga hoton da ni kaina na kasa karantawa.

12/ Idan kuma mai shagon ne ya yi kuskuren lissafi fa? A ce ya rubuta VAT 86,520 maimakon 86,250. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin gyarawa. Kada ka gyara. Rubuta 86,520 ɗin, ka bi shi da [هكذا في الأصل], ma'ana haka yake a asali, sannan ka kira wanda ya ba ka aikin ka nuna masa. Shagon ne zai fitar da sabuwar takarda. In ka gyara a ɓoye, fassara da asali sun saɓa, kuma ranar da aka gano, sunanka ne a ƙasa.

13/ Yanzu kalmomi. Kan takardar tukuna. Inbois neman biya ne: فاتورة. Rasit shaidar an biya ne: إيصال, a Tekun Fasha za ka ga سند قبض, a Magrib da Iraƙi وصل. Mu a baki duk "rasit" muke cewa, shi ya sa ake cakuɗa su. Ga akanta kuwa ɗaya bashi ne a kan kamfani, ɗaya kuɗin da ya riga ya fita.

Tamu inbois ce da aka buga wa PAID. To sunanta فاتورة, hatimin kuma a bayyana shi a inda yake: [ختم: مدفوع]. Ba za ka ɗaga ta zuwa إيصال ba don ka ga hatimi. In kuma Proforma aka rubuta a sama, wannan ƙiyasi ne kafin ciniki, فاتورة مبدئية. In ka bar kalmar ta biyu ta faɗi, ka mayar da tayin farashi bashi.

14/ Ga wani tarko da masu son burgewa ke faɗawa. Sun ga akwai VAT a jiki, sai su rubuta فاتورة ضريبية a sama saboda ya fi kama da na hukuma. A Saudiyya da Daular Larabawa wannan ba ado ba ne, suna ne na doka, da sharuɗɗansa na abin da dole ya kasance a jiki. A Saudiyya tun Disamba 2021 ma inbois na lantarki ake fitarwa. In asalin bai ce Tax Invoice ba, kai ma kada ka ce.

15/ VAT ɗin kansa: ضريبة القيمة المضافة. Wannan zai wuce a Saudiyya, Daular Larabawa, Masar, Sudan. Maroko kan ce الضريبة على القيمة المضافة, Aljeriya الرسم, Tunisiya الأداء, ragowar jimlar iri ɗaya. Za su gane na farkon, amma in ka san inda takardar za ta, yi musu da nasu.

Abin da ba za ka yi ba shi ne ka kira shi ضريبة المبيعات. Wancan harajin sayarwa ne, sunan da Jodan ke amfani da shi, kuma shi Masar ta bari a 2016 ta koma VAT. Akantan Alƙahira zai ɗauka wani harajin daban kake nufi.

16/ Kuma kada ka bar kason ya faɗi. Rubuta 7.5% ƙarara kusa da sunan. Dalili: akantan Jidda kansa ya saba da 15 tun Yulin 2020, na Dubai da 5, na Alƙahira da 14. Najeriya 7.5 take tun Fabrairun 2020. In ya ga 86,250 a kan 1,150,000 babu kaso, zai buga da nasa, ya ga bai fito ba, ya dawo da takardar. Mako guda ya tafi a kan abin da haruffa huɗu za su kashe.

17/ Yanzu inda aka fi yin ɓarna a takardarmu: kalmar خصم.

Ragin ₦45,000 da mai shago ya yi, خصم ne. WHT ɗin nan na ₦23,000 shi ma, a Larabcin Masar, الخصم من المنبع ake cewa, a Tunisiya الخصم من المورد. Sai mai fassara ya gajarce, ya rubuta خصم a layi biyun. Akanta ya haɗa su, ya ce an yi mana ragin 68,000.

Alhali ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Na farko kuɗi ne da mai shago ya yafe. Na biyu kuɗin mai shago ne da mai saye ya riƙe zai kai wa hukumar haraji a madadinsa. Ba a yafe ko kwabo ba, hannun da zai karɓa ne ya canza.

18/ Don haka a layin ragi: خصم تجاري. A layin WHT, in Saudiyya za ta: ضريبة الاستقطاع. In Masar: ضريبة الخصم من المنبع, cikakke, da kalmar ضريبة a gaba don kada a yi tantama.

Lura kuma da lissafinsa: kashi 2 na 1,150,000 ne ya ba da 23,000, wato a kan kuɗin kaya kafin VAT. Abin da ya shiga hannun mai shago 1,213,250 ke nan. Amma wannan lambar ba ta cikin takardar, don haka ba za ta shiga fassarar ba. Kai ka sani don ka tabbatar ka fahimci layin. Kuma tunda da biro aka ƙara shi, ka faɗa: [بخط اليد]. Akanta yana da haƙƙin sanin wane layi injin shago ya buga, wane ne wani ya ƙara daga baya.

19/ Sauran layukan ba su da rigima sosai. Subtotal, المجموع الفرعي. Jimlar ƙarshe, الإجمالي شامل الضريبة, don a san harajin yana ciki. TIN, رقم التعريف الضريبي. Lambar RC ta rajistar kamfani kuma رقم تسجيل الشركة. Waɗannan biyun kada a musanya su, ɗaya ta haraji ce, ɗaya ta rajista.

20/ Kuɗi. Alamar ₦ ba kowa ya san ta ba a can, kuma a rubutun hannu mutanenmu kan yi ta kamar N ko ma #. Na sha ganin an fassara # ɗin da رقم, wato "lamba". Sai jimlar kuɗi ta koma kamar lambar takarda.

Rubuta نيرة نيجيرية sau ɗaya a saman jadawalin tare da NGN, sannan NGN a gefen kowace jimla. Haruffa ukun nan kowane akanta a duniya ya san su, bankinsa ma da su yake aiki.

Littafin rasit na kasuwa kuma yana da gida biyu, ₦ da K. K ɗin kwabo ne, كوبو. Amma yaron shago na iya rubuta 35k yana nufin dubu talatin da biyar. Jimlar ce za ta gaya maka wanne ne.

21/ "Malam, ka mayar mana da shi riyal mana, don su gane." A'a. Da wane farashi? Na banki ko na 'yan canjin Wapa? Na ranar da aka sayi kujerun ko na yau da kake fassara? Duk wanda ka zaɓa, ka yanke hukuncin da ba naka ba, kuma ka sa lambar da babu ita a asali. Kamfanin yana da ƙa'idarsa ta canji, akanta ne zai yi.

Balle ma "riyal" kaɗai ba suna ba ne: akwai na Saudiyya, na Ƙatar, na Oman, na Yaman. جنيه akwai na Masar, na Sudan, na Ingila. Dirhami akwai na Daular Larabawa da na Maroko. Ko da asalin ne ya zo da su, sai ka cika sunan ƙasar.

22/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, taku ta fi tamu haɗari, ku matso. Faktir ɗinku na Faransanci kan rubuta dubu goma sha biyu da ɗari biyar haka: 12.500 ko 12 500. TVA ɗinku 19 cikin ɗari, HT kafin haraji, TTC da haraji, wannan duk mai sauƙi ne.

Matsalar ɗigon ce. Dinarin Kuwait filsi 1,000 ne, don haka gida uku suke sawa bayan ɗigo. Haka Bahrain da Oman. Akantan Kuwait ya ga 12.500, idonsa zai karanta sha biyu da rabi, domin haka yake gani kullum.

23/ A nan ne kaɗai nake taɓa siffar lamba: lambobin suna nan yadda suke, amma a sa waƙafi, 12,500, a kuma rubuta a ƙasan shafi cewa ɗigon da ke asali na raba dubbai ne. Sunan kuɗin kuma da XOF, domin sefar Nijar daban take da ta Chadi da Kamaru, XAF, ko da darajarsu ɗaya.

Kuma a kula da wanda zai karanto maka ta waya da Hausa. In ya ce "dala ɗari", faran 500 yake nufi, ba dalar Amurka ba. Abin da ke rubuce za ka bi, ba abin da aka faɗa ba.

24/ Layin da ya fi kowane tsare ka shi ne na kuɗi da kalmomi. Takardunmu kan ƙare da "Naira Only". Larabci yana da nasa tsarin, a buɗe da فقط a rufe da لا غير. Tamu za ta zama:

فقط مليون ومئتان وستة وثلاثون ألفًا ومئتان وخمسون نيرة نيجيرية لا غير

Ko duk lambobin sun dushe, wannan layin yana nan. Ka tuna Larabci kan fara da ɗaya-ɗaya kafin gomiya, "shida da talatin". Mai gaggawa kan juya shi ya rubuta 63 a wurin 36. Karanta shi da ƙarfi sau ɗaya kana kallon lambar.

25/ Saura abin da kwamfuta ke yi maka a bayan ido. Larabci daga dama yake tafiya, lambobi daga hagu, ko na Gabas ko na boko. In lamba dunƙule take, lafiya lau. In akwai fili ko ɗan layi a tsakiya, sai injin ya ɗauki kowane gutsure daban ya jera su daga dama.

Shi ya sa 1 250 000 na faktir kan fito 000 250 1 a cikin jimlar Larabci. Lambar inbois irin 2025-0317 ta koma 0317-2025. Lambar waya mai filaye ta juye gutsure-gutsure. Ba ka yi kuskuren bugawa ba, amma abin da ya fito a takarda ba shi ne na asali ba.

26/ Maganinsa mai sauƙi: kada ka cusa irin waɗannan lambobin cikin jimla. Yi jadawali. Sunan abu a gida ɗaya da Larabci, lambar a nata gidan, ka saita gidan daga hagu zuwa dama. Sannan ka duba da ido bayan ka fitar, ba lokacin da kake bugawa ba.

27/ Na biyu, a Word akwai wani saiti a File > Options > Advanced mai suna Numeral. Zaɓinsa Arabic, Hindi, Context, System. Abin dariya, Arabic shi ne 1, 2, 3, Hindi shi ne ١ ٢ ٣. In yana kan Context, lambar da ke kusa da Larabci sai ta bayyana ta Gabas, wadda ke kusa da Turanci ta boko.

Saitin na kwamfutar ne, ba na fayil ɗin ba. Kai ka ga abu ɗaya a Kano, shi ya buɗe a Alƙahira ya ga wani, ko ya ga rabi da rabi. Sa shi a Arabic, ka fitar da PDF, shi za ka tura.

28/ Kwanan wata a taƙaice. 03/04/2025 a takardar Najeriya 3 ga Afrilu ne. Rubuta watan da kalma, 3 أبريل 2025م, an huta. In Sham ko Iraƙi za ta, نيسان suke ce wa watan. Kada ka mayar da shi Hijiriyya don ka ga Saudiyya za ta, kwana ɗaya kan iya gocewa, kuma ba shi ne a asali ba.

29/ To, hujjar ɗaya ɓangaren, kamar yadda na yi alkawari. Akwai ofisoshin gwamnati da kotuna, musamman a Masar, da duk takardunsu da lambobin Gabas suke tafiya. Ma'aikacin da ke karɓa na iya kallon taka ya ce wannan ba ta cika ba. Kai kuma aikinka shi ne takardar ta wuce, ba ka ci gardamar tarihi a bakin taga ba. Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

30/ Amma ka ga abin da hujjar ta ce: wani ofis takamaimai ya nema. Ba ta ce haka Larabci yake ba. Don haka a tambaya tun farko, wa zai karɓa, kuma yana da sharaɗi? In an ce eh, sai a yi, amma da iyaka.

Kuɗi da adadi da kwanan wata su koma na Gabas, kowace jimla da ta asali a gefenta: ١٬٢٣٦٬٢٥٠ sannan 1,236,250. Lambar inbois, TIN, RC, lambar asusu, lambar waya kuwa ba a taɓa su ko an nema. Waɗannan ba adadi ba ne, suna ne. Wani zai buga su a kwamfuta ya nemo, kuma na'urar banki ko ta hukumar haraji a nan ba ta san ٠٣١٧ ba.

31/ Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na tsakiya: farashi da na Gabas, jimla da na boko, kwanan wata rabi-rabi, ba don wani dalili ba sai yadda allon wayar ya ga dama. Can kuma ka tsinci ۴ da ۶ irin na Farisa da Urdu sun shigo saboda an kwafo daga wani wuri. Duk wanda ka zaɓa, ka riƙe shi daga sama har ƙasa.

32/ Wani ya tambaya a ƙasa ko sunan shagon ma a fassara. A'a. Rubuta shi da haruffan Larabci yadda ake furta shi, ka bar na asalin a gefe harafi da harafi, domin da shi aka yi rajista, da shi kuma banki ya san shi. Shagon da ake kira "Alheri" ba zai koma الخير ba, ko da kalmar daga can ta zo. Sa hannu kuma ba a kwaikwayonsa, [توقيع] kawai.

33/ Layi na ƙarshe a shafin, kafin sunanka da kwanan wata: ترجمة عن صورة ضوئية للمستند. Wato an fassara daga hoton takardar, ba daga takardar kanta ba. Ba ka riƙe ta a hannu ba, ba ka ga ko an goge wani abu an sake rubutawa ba, ba ka ga bayanta ba sai in an turo. Ka manna hoton da ka yi aiki da shi a shafi na biyu na PDF ɗin, don in gobe wani hoton daban ya ɓullo, a san wanne ka gani.